An amince mini da rancen 100,000, amma 92,000 ne suka shigo

Tambaya: Na nemi rancen 100,000 na wata 12, aka ce kuɗin ruwa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Da kuɗin suka shigo asusuna sai na ga 92,000, aka ce an cire 3,000 na aikin takardu, da 2,000 na inshora, da 3,000 na kula da bashi. Yaya zan gane ainihin tsadar wannan rance?

Amsa: Malama, lambobi biyu ne suke faɗin gaskiyar kowane rance, wato abin da ya shiga hannunki da jimillar abin da za ki mayar. Idan ana lissafa ruwan ne a kan uwar kuɗin da aka rubuta tun farko, kamar yadda aka saba a irin wannan rance, ruwan wata 12 zai kama 24,000, ke nan za ki mayar da 124,000, kimanin 10,333 a kowane wata. Ki cire 92,000 daga ciki, sai ki ga tsadar rancen 32,000 ce, kusan kashi 35 cikin 100 na abin da kika riƙe a hannu. Abin da ya fi damuna a nan shi ne, waɗancan 8,000 da ba ki taɓa gani ba, su ma kina biyan ruwa a kansu har ƙarshen wa'adi.

Ko wannan lissafin ma bai gama tona tsadar ba, domin kuɗin ba sa zama a wurinki shekara cur. Duk wata kina mayar da wani kaso, bashin yana raguwa, amma ruwan yana nan a 2,000 kamar ba ki biya komai ba. Idan kina da Excel ko Google Sheets a waya, ki rubuta adadin watanni, da biyan wata, da abin da ya shigo asusunki kamar haka:

```
=RATE(12,-10333,92000)
```

Sakamakon zai fito kusan kashi 4.9 cikin 100 a wata. Idan kika sa 100000 a madadin 92000, zai sauko zuwa kimanin 3.5, wannan tazara kuwa ita ce nauyin kuɗaɗen da aka zare tun farko. Da lambar da wannan lissafi yake fitarwa a kan abin da ya shigo hannunki ce ya kamata ki gwada masu ba da rance biyu, domin wanda ya ce kashi 3 ba tare da cire ko kwabo ba, kuma yana lissafa ruwa a kan ragowar bashi, ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuɗin aikin takardu sau ɗaya ake karɓarsa, kuma galibi ba a mayarwa ko da kin biya bashin kafin lokaci. Shi ya sa yake fi ciwo a gajeren rance: da na wata ɗaya ne da irin wannan cirewa, za ki karɓi 92,000 ki mayar da 102,000, kusan kashi 11 cikin 100 a wata guda. Duk lokacin da aka sabunta rancen kuma, ki duba ko an sake cirewa.

Inshorar tana buƙatar tambaya ta musamman. Yawanci aikinta shi ne ta biya mai ba da rance ragowar bashin idan wanda ya ci bashin ya rasu ko ya samu nakasar da ta hana shi aiki, wanda hakan yana iya ɗauke wa magada nauyi. Ki nemi sunan kamfanin inshorar da takardar shaida, ki karanta abin da ta ƙunsa da abin da ta keɓe, sannan ki tambaya ko za a mayar miki da kason watannin da suka rage idan kin gama biya da wuri. A ganina, inshorar da aka kasa nuna takardarta ba ta da bambanci da ƙarin ruwa.

Kuɗin kula da bashi kuwa, kalmomin da suke biye da shi a takardar yarjejeniya ne abin lura: sau ɗaya ne ko duk shekara, kuma a kan uwar kuɗi ne ko a kan ragowar bashi. Ki karɓi jadawalin biya, ki haɗa dukkan biyan watannin. Idan jimillar ta wuce 124,000, akwai wani caji da aka cusa cikin biyan wata, kuma ya kamata ki nemi a rubuta miki sunansa da sakin layin yarjejeniyar da ya ba da izinin karɓarsa.