Sakin layin da manhaja ta rubuta mini lami ne, yaya zan gyara shi?

Tambaya daga wata ɗaliba a Katsina: "Malam, barka da aiki. Na sa ChatGPT ya rubuta mini sakin layi a kan hunturu. Ban ga kuskure a ciki ba, amma da na karanta wa yayata sai ta ce wannan ba bakina ba ne. Ga shi: 'Hunturu lokaci ne mai matuƙar muhimmanci a rayuwar al'ummar Hausawa baki ɗaya. Yana taka muhimmiyar rawa wajen sauya yanayin rayuwar mutane ta yau da kullum. Bugu da ƙari, mutane suna fuskantar ƙalubale daban-daban da suka shafi lafiyarsu. Haka kuma, lokacin yana kawo alfanu mai yawa ga manoma da 'yan kasuwa. A ƙarshe, yana da muhimmanci kowa ya ɗauki matakan kariya, domin rigakafi ya fi magani.' Ta ina zan kama gyaransa?"

Barka kadai, 'yata. Yayarki tana da kunne, ki riƙe ta da kyau.

Kafin ki taɓa komai, ki yi wannan gwajin. Ki cire kalmar hunturu, ki sa damina a gurbinta, ki sake karantawa. Sannan ki sa bazara. Za ki ga ba jimlar da ta motsa, duk sun zauna daram. Rubutun da ya dace da kowane lokaci na shekara bai faɗi komai a kan hunturu ba. Nan ciwon yake, kuma shi ya sa sauya kalma ɗaya da 'yar'uwarta ba zai warkar da shi ba. In kin mayar da "muhimmanci" ta zama "amfani", miyar tana nan lami. Manhajar tana jera kalmomin da suka fi yawan bin juna a rubuce-rubucen da aka ɗura mata ne, ba ta taɓa yin alwalar asuba a watan Janairu ba. Ke kin yi. Saboda haka gyaran ba daga takarda zai fara ba, daga abin da kika gani da idonki zai fara.

Ki ɗauki jimlolin ɗaya bayan ɗaya, ki yi wa kowace tambaya uku: wane ne, a ina, me ya faru? Ɗauki ta uku, mai "ƙalubale daban-daban da suka shafi lafiyarsu". Waɗanne ne? Hausa ta raɗa wa kowannensu suna. Akwai kaushi, wato fatar ƙafa ta yi tauri ta yi gautsi. Akwai faso, inda diddige ke tsagewa har wani lokaci ya yi jini. Akwai mura da tari da bushewar leɓe da haɓo. Kalmar "ƙalubale" ta haɗiye su duka, mai karatu bai ga ko ɗaya ba. Haka "alfanu ga manoma": manomin Kadawa zai ce miki alkama ba ta yin kyau sai da sanyin nan, mai tumatir kuma zai nuna miki kauɗar da ya shanya ta bushe ƙayau. Duk inda kika ga kalma mai faɗi irin "yanayi", "al'umma", "matakai", "daban-daban", to akwai wani abu mai suna da ya ɓuya a bayanta, ki zaƙulo shi.

Ki lura kuma, sakin layin bai ambaci sanyin ba ko sau ɗaya, balle ya bambance irinsa. Bahaushe yana da sanyi, yana da ɗari. Sanyi ya fi faɗi, har da na ruwa da na damshin damina. Ɗari kuwa shi ne busasshen sanyin da iska ke kawowa, mai fasa fata, kuma shi ne na hunturu. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, ta ɗebo ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza mana ita daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Ƙurar da ke rataye a sama har ta dushe rana ita ce hazo. Wanda ya rubuta "ɗari" da "hazo" ya riga ya nuna daga inda ya fito.

Ba zan iya rubuta naki hunturun ba, don ban tashi a gidanku ba. Amma ga nawa, ki ga yadda aikin yake:

"A gidanmu ruwan randa ne yake fara sanar da mu hunturu ya shigo. Da asuba ka sa moɗa ka ɗebo na alwala, yatsunka su ƙage. Kakata ba ta jiran kalanda: da ta ji haka sai ta sauko da ƙwaryar man kaɗanya, ta jera mu a ƙofar ɗaki, ta bi dugaduganmu ɗaya bayan ɗaya tana cusa man cikin faso, mu kuwa muna tsalle don zafi. Wanka kam sai rana ta take. Mukan tafi makarantar allo leɓe furu-furu, ƙafa butu-butu, hazo ya rufe rimin bakin kasuwa har ba ka ganin kansa. Da dare a hura kara a tsakar gida, kowa ya miƙa hannu. Ita dai ba ta kwanciya sai ta ga an yayyafa wa garwashin ruwa. Shekarar da gobara ta cinye rumbunan maƙwabtanmu, da ta dawo daga jaje sai ta ce da mahaifina: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Washegari aka kwashe karan da ke jingine da rumbunmu."

Ban ce hunturu yana da muhimmanci ba, ban ce a ɗauki matakan kariya ba, amma duka biyun suna ciki. Maganar manoma da 'yan kasuwa kuma na zubar da ita gaba ɗaya, saboda ba ta cikin abin da nake tunawa. Kada ki ji tsoron zubarwa. Ba dole ne kowace jimlar manhaja ta sami magajiya ba.

Yanzu batun tafiyar jimla, wanda shi ne yayarki ta ji tun kafin ta fahimci ma'ana. Na ƙirga kalmomin jimlolin da kika turo: 12, 13, 12, 13, 15. Kusan tsawo ɗaya, kuma uku na ƙarshe duk da mahaɗi suka buɗe: bugu da ƙari, haka kuma, a ƙarshe. Ba mai magana haka. In Bahaushe yana ba da labari, yakan ja zare mai tsawo da "sai ta... ta... ta...", aiki na bin aiki ba tare da ya numfasa ba, sannan ya yanke da gajeriya. A nawa, jimlar kakata ta kai kalma kusan 40, wadda ta biyo ta kuwa 6 ce. Amma kada ki mayar da wannan lissafi, ki riƙa yin doguwa, gajera, doguwa, gajera. Wannan ma wani daidaiton ne, kunne zai kama shi. Tsawon yana bin abin da ke faruwa. Inda ayyuka suka jeru, jimla ta miƙe. Inda hukunci ne, a faɗe shi a tsaya.

Akwai kuma 'yan ƙananan kalmomin nan shida: dai, fa, kam, ma, kuwa, kuma. Ba sa ƙara wani labari, amma su ke nuna matsayin mai magana. Gwada: "Wanka sai rana ta take" bayani ne kawai. "Wanka kam sai rana ta take" ya nuna cewa sauran abubuwa a iya daurewa, wannan ne ba za a iya ba. "Ita dai ba ta kwanciya" ya ware kakata daga sauran mutanen gida, kowa ya yi abin da ya ga dama, ita ga nata. A sakin layin manhaja "kuma" kaɗai ta leƙo, ita ma a matsayin mahaɗi. Haka amsa-kama, irin su furu-furu da butu-butu da ƙayau. Su ne ke sa mai karatu ya ga abin. Sai dai kowace da abokin tafiyarta: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Ba a musanya su, kuma biyu ko uku sun ishi sakin layi.

Karin maganar da manhaja ta rufe da ita, "rigakafi ya fi magani", ba laifi gare ta, Hausa ce sahihiya. Matsalar wurin zamanta ne. An liƙa ta a wutsiya don a ce an yi Hausa, ba wanda ya faɗe ta, ba kuma wanda aka faɗa wa. Karin magana tana da rai ne in akwai mai faɗa, da wanda ake faɗa wa, da dalilin da ya taso da ita. Ta gemu tana nufin masifar da ta sami na kusa da kai gargaɗi ce gare ka, ka shirya tun ba ta iso ba. A bakin tsohuwar da ta dawo daga ganin tokar rumbu, wutar ba misali ba ce kawai, wuta ce ta gaske, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Kuma ban tsaya a kanta ba, na bi ta da aikin da ta haifar. In ba ki da wanda ya faɗi karin magana a labarinki, ki bar ta. Sakin layi ba ya raguwa don babu ita.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi ƙwarai. Kada ki koma wa manhajar ki ce ta ƙara miki kaka da man kaɗanya. Za ta ƙara, amma kakar kowa za ta ba ki, kuma ƙarya ce za ki sa wa sunanki. In a cikin birnin Katsina kika tashi, hunturunki wataƙila basilin ne da rigar sanyi ta gwanjo, da mai shayin bakin layi, da ƙurar da ke kwanciya a kan benci kafin malami ya shigo aji. Wannan ki rubuta, da Katsinancinki in wurin ya ba da dama. In kuwa aikin rahoto ne na makaranta da ba a son "ni" da "mu", ki bar kakar, amma sunayen abubuwa su zauna: faso, hazo, alkamar Kadawa, watannin da iskar ke busowa.

Ki rufe wayar, ki ba yayarki labarin hunturun gidanku da baki kamar minti biyu, sannan ki rubuta abin da kika faɗa. Ki karanta mata da ƙarfi. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, ko kika ji "taka rawa" da "fuskantar ƙalubale" sun dawo, ki ja layi a wurin ki sake tambayar wane ne, a ina, me ya faru. In kin gama ki turo mini na gani.