Kuɗin tallana a Google suna ƙarewa, masu saye ba sa zuwa

Tambaya: Salamu alaikum. Ina haɗa wa mutane sola a Kano, na sa talla a Google Ads da kalmar solar installation. Kullum kafin la'asar kuɗin sun ƙare, masu kirana kuwa 'yan neman aiki ne da masu son koyo. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na sha wannan lokacin da na fara, kuma na san zafinsa. Kafin ka taɓa komai, buɗe shafin Search terms. Nan za ka ga ainihin abin da mutane suka rubuta har tallarka ta fito. Ina kyautata zaton za ka tarar da solar installation training da solar jobs in kano sun cika wurin. A ce kowane danni naira 200 ne, mutum 30 irin waɗannan sun cinye maka 6,000 ke nan.

Dalilin yana cikin yadda ka rubuta kalmar:

```
solar installation
"solar installation"
[solar installation]
```

Ta farko, wadda ba ta da alama, ita ce Broad match: ka ba Google dama ya nuna tallarka ga duk binciken da yake ganin yana da alaƙa da sola, ko da kalmominka ba sa ciki. Ta biyu Phrase match ce, dole binciken ya ƙunshi ma'anar kalmarka, amma ana iya ƙara wasu kalmomi gaba ko baya. Ta uku, Exact match, ita ce mafi tsauri, duk da cewa ita ma tana karɓar kuskuren rubutu da abin da ma'anarsa ɗaya. Mai ƙaramin jari, ni dai ta biyu da ta uku nake ba shi shawara.

Sai dai ta biyun ba za ta raba ka da masu neman koyo ba, domin kalmarka tana cikin bincikensu. Nan Negative keywords ke aiki: duk binciken da ya ƙunshi kalmar da ka hana, tallarka ba za ta fito ba, ba kuma za ka biya ko kwabo ba. Zuba training, course, job, salary. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin kalmar hani ba ta miƙewa kamar sauran. In ka hana job, mai rubuta jobs zai wuce abinsa, sai ka sa kowacce daban. Haka in ka haɗa kalmomi biyu ba alama, kamar free solar, sai dukkansu sun bayyana a binciken sannan a tare shi.

Kada kuma ka yi gaggawar hana price. Na taɓa yin haka, kira ya ɗauke, ashe mai tambayar farashi shi ne mai kuɗi a hannu. A makonni biyun farko riƙa leƙa Search terms kullum, bayan nan sau ɗaya a mako ya isa.