Makulli a aljihu, babur na can taku goma

Yallaɓai, na karanta fayil ɗin yaron da aka kama a wurin ajiye babura na kasuwa. Ya amsa wa 'yan sanda cewa satar babur ta kawo shi shi da abokinsa, kuma wani mai sayar da kayan gyara ne ya ce su kawo zai saya. An sami makullin buɗe-kowa a aljihunsa, amma bai taɓa babur ɗin ba. Tunda ya amsa da bakinsa, me ya rage mana mu faɗa kan tuhumar yunƙurin sata?

Ƙanena, da sauran magana sosai. Abin da yaron ya amsa niyya ce, ita kuwa niyya rabin tuhumar ce kawai. Buɗe Final Kod, kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, sashe na 95. Yana hukunta wanda ya yi yunƙurin aikata laifi, kuma a cikin yunƙurin nan ya yi wani aiki da ya doshi aikata laifin. Ka riƙe kalmomin "a cikin yunƙurin". Ke nan abu biyu ne a wuyan mai gabatar da ƙara: ya tabbatar da niyya, sannan ya nuna aikin da ya wuce shiri ya shiga cikin laifin kansa. Ko sau goma yaron ya ce sata ta kawo shi, wannan bai sa hannunsa a kan babur ba.

Bi ranar daki-daki yadda maigadin wurin ya ba da labari. Da safe yaron ya karɓo makulli. Ya hau mota ya zo kasuwa. Ya zagaya wurin ajiye babura sau biyu, ya tsaya gindin wata rumfa kamar taku goma daga babur ɗin, hannunsa a aljihu, yana waige-waige. A nan maigadi ya damƙe kwalar rigarsa. A kowane mataki ka tambayi kanka: in da a nan ya fasa ya juya gida, akwai abin da ya riga ya sami babur ɗin ko mai shi? Karɓo makulli, babu. Zuwa kasuwa, babu. Tsayuwa gindin rumfa ma babu, domin mutum ɗari sun tsaya a wurin ranar. Duk wannan tanadin kayan aiki ne da neman dama, wato shiri. Da ya ƙarasa ya zura makullin a bakin kunna babur, ko ya kama kan babur yana murɗawa don ya karya makullin wuya, to ya tsallaka, domin aikin ya fara faɗa wa dukiyar kanta, kuma duk wanda ya gani ya san abin da ake ciki ba sai an yi masa bayani ba. Da kuma ya tura babur ɗin ko da taku ɗaya ne, an wuce maganar yunƙuri, domin a sashe na 286 sata tana cika da zarar an gusar da kayan daga inda suke da niyyar rashin gaskiya.

Akwai tsohuwar shari'ar Ingila ta 1915, ta wani mai sayar da kayan ado da ake kira Robinson, wadda nake so ka karanta da kanka. Ya ɓoye kayansa, ya ɗaure kansa, ya yi ta ihu an yi masa fashi, don ya ci kuɗin inshora. Asirinsa ya tonu kafin ya rubuta wa kamfanin inshorar yana neman diyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin da aka yi masa na yunƙurin damfara, domin duk wannan wahala da ya sha share fage ce, bai kai ga yi wa kamfanin ƙaryar ba tukuna. Niyyarsa a fili take kamar ta yaronmu, kuma ba ta isa ba.

Amma kada ka wuce gona da iri ka ce wa majistare sai mutum ya yi aikin ƙarshe sannan ya zama yunƙuri. Mai gabatar da ƙara zai kayar da kai nan take. Abin da ake nema shi ne kusanci, aikin ya manne da laifin, ko da akwai sauran mataki ɗaya ko biyu. Kada kuma ka dogara da cewa makullin ba zai iya kunna irin wannan babur ba. Misalin da ke ƙarƙashin sashe na 95 ya rufe wannan ƙofa: wanda ya zura hannu a aljihun wani don ya yi sane, ya tarar babu komai, ya yi yunƙuri duk da haka. Haka wanda ya riga ya zura makulli sannan tsoro ya kama shi ya fasa. Fasawar tana amfani wurin roƙon sassauci, ba ta goge laifin.

Abin da ya fi damuna a fayil ɗin nan shi ne ɗaya tuhumar, ta haɗa baki, wadda ba ka tambaye ni ba. A sashe na 96, idan mutum biyu ko fiye suka yarda a kan za su aikata laifi, yarjejeniyar kanta ita ce laifin. Ba a bukatar kowa ya je kasuwa, balle ya taɓa babur. Ka ga abubuwan nan da muka ce shiri ne kawai, makulli da tafiya tare da zagayen wurin, su ne mai gabatar da ƙara zai jera ya ce ga alamar sun ƙulla magana, domin da wuya a sami wanda ya ga lokacin da aka ƙulla, daga ayyuka kotu take ganowa. Bayanin da yaron ya sa wa hannu kuwa, wanda ya gaza a tuhumar yunƙuri, a nan shi ne wuƙar da za ta yanka shi. Don haka gobe ka je gidan yari ka zauna da shi. Da wane harshe aka yi masa tambaya, wa ya fassara, an karanta masa kafin ya dangwala yatsa, an taɓa lafiyarsa? Idan bayanin ba da son ransa aka ɗauka ba, lokacin da za a miƙa shi a matsayin shaida ake tashi a ƙalubalanta. Na taɓa yin shiru a daidai wannan gaɓa ina ƙaramin lauya, ina jiran jawabin ƙarshe, har yau ina tuna fuskar mahaifiyar yaron a bakin kotu.

Shi kuma mai kayan gyara, nasa ingizawa ce, sashe na 83. Tun ranar da ya ce "ku kawo zan saya" da nufin su sato, laifinsa ya cika, ko sun je ko ba su je ba. Idan ba a aikata laifin ba, hukuncin mai ingizawa yana iya kaiwa kashi ɗaya cikin huɗu na mafi tsawon ɗaurin laifin, na mai yunƙuri kuma rabi. Sata a sashe na 287 tana kaiwa shekara 5, ka ga yunƙurinta shekara 2 da rabi ke nan, ingizawar da ba ta kai ga sata ba wata 15.

Abu biyu ka duba mini kafin Litinin. Wasu jihohi sun sake kundinsu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassa sun canja, saboda haka ka yi aiki da wanda kotunmu take amfani da shi. Sannan akwai shirye-shiryen da doka ta ware ta mai da su laifi mai zaman kansa, kamar shirin fashin gungu da ƙera makullin jabu don sata. Ka tambayi yaron wa ya ƙera makullin nan, domin idan shi ne, mai gabatar da ƙara yana iya neman gyara tuhuma. Idan maigadi ya shiga akwatin shaida kuma, tambaya uku sun ishe ka: taku nawa ne tsakanin yaron da babur, ina hannunsa yake, kuma a ina aka sami makullin. Da ya ce a aljihu, ka zauna.