Sodiyam 132 a babban inji, 140 a injin gas: wanne za a rubuta?

"Oga, jinin mutum ɗaya ne, ɗiba ɗaya. Babban injinmu na ɗakin gwaji ya ba da sodiyam 132, injin gas na jini ya ba da 140. Wanne ya lalace?"

Babu wanda ya lalace, ɗana. Kafin ka taɓa inji, duba jimlar furotin na mutumin, sannan ka ɗaga kwalbar ka kalle ta a haske.

Filasma, wato ruwan jini da ƙwayoyin jini ke yawo a ciki, ba ruwa ba ce zalla. A mai lafiya, kusan kashi 93 cikin ɗari ruwa ne, sauran furotin ne da kitse. Sodiyam kuwa a cikin ruwan kaɗai yake zaune, wajen 150 mmol/L. Injin gas yana aiki ne kai tsaye: ilektirod na taɓa jinin yadda yake, ba a sirka shi ba, ya auna ƙarfin sodiyam a cikin ruwan. An daidaita shi ya ninka da 0.93 don amsarsa ta yi daidai da wadda likitoci suka saba gani, shi ya sa ka ga 140.

Babban inji kuwa sai ya ɗebi ɗan siram, wato ruwan da ke saura bayan jini ya daskare, ya sirka shi da ruwan sirki mai yawa, sannan ya auna, ya yi lissafi kamar ruwan da ke cikin abin da ya ɗiba kashi 93 ne. To, a ce mutuminka yana da maiyeloma, kansar ɓargo mai cika jini da furotin, furotin ɗinsa ya haura 130 g/L maimakon 60 zuwa 80, ruwan ya sauka zuwa kashi 88. Injin ya ɗebi ƙaramin ruwa, don haka ya ɗebi ƙaramin sodiyam: 150 × 0.88 = 132. Jikin mutumin bai rasa gishiri ko kaɗan ba. Wannan shi ne ƙarancin sodiyam na ƙarya.

Fotashiyam ma yana sauka da ma'auni ɗaya, amma 4.0 ne zai koma 3.8, ido ba ya kama shi.

In kitse ne ya jawo, za ka ga siram ya yi fari kamar madara. Na furotin ya fi yaudara, domin siram ɗin garau yake, sai dai ya yi kauri, wani lokaci har ya wahalar da allurar injin. Abin da zai raba gardama shi ne a auna osmolaliti, wato yawan abubuwan da suka narke a ruwan jini, ba a lissafa shi ba. In ya fito tsakanin 275 da 295 mOsm/kg, 132 ɗin ƙarya ne. Kada ka haɗa wannan da na mai suga da ya hau sosai; can ruwa ne ya fito daga ƙwayoyin jiki ya sirka jini da gaske, kuma injin biyu duk za su nuna ƙasa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne likita ya ga ƙaramar lamba ya hana mara lafiya ruwa, ko ya ɗaura masa ruwan gishiri mai ƙarfi, alhali sodiyam ɗinsa lafiya lau. Saboda haka 140 za ka fitar, ka rubuta cewa da hanyar kai tsaye aka auna, ka sa jimlar furotin a gefe, sannan ka kira likitan da bakinka ka gaya masa duk wani awon sodiyam na wannan mutumin a injin gas za a riƙa yinsa.