Yadda ake daidaita yankan katun da bugun kiɗa

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa ɗan gajeren katun a kan kiɗa, duk inda ganga ta buga nan nake yankawa. A farko yana tafiya daidai, amma kafin tsakiya hoto da kiɗa sun rabu, kuma ko inda suka dace ɗin ma abin ba ya taɓa zuciya. Ina matsalar take?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Matsala biyu ce ta haɗe maka, ɗaya ta lissafi, ɗaya ta zaɓi. Ta lissafin ta fi sauƙin magani, bari mu fara kawar da ita.

Kiɗa yana da saurinsa, wanda ake aunawa da yawan bugu a minti ɗaya, shi ne lambar da za ka ga an rubuta `BPM` a gefenta. Katun kuma ana ƙirga shi da firam, wato hotuna ɗai-ɗai da ke wucewa a jere. Idan aikinka yana kan firam 24 a sakan, to minti ɗaya firam 1440 ke nan, don haka tsawon bugu guda shi ne:

```
firam a bugu = 1440 / BPM
```

Kiɗa mai 120 zai ba ka firam 12 cif, mai 96 firam 15, mai 90 firam 16, mai 80 firam 18. Waɗannan ba su da rigima. Rigimar tana wajen irin mai 100, domin shi firam 14.4 yake bayarwa, kuma babu wanda zai yanka a rabin firam. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su ce firam 14 ne, su yi ta maimaita wannan tsawon. To kowane bugu ana cin bashin 0.4, bayan bugu 16 bashin ya haura firam 6, wato rubu'in sakan, kuma wannan ko yaro zai gane cewa hoto ya riga ganga. Alamar wannan ciwo ita ce ratar tana ƙaruwa a hankali. Idan da a ce ratar iri ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, to ba shi ba ne, sautin ne kawai ya goce daga mafari, sai ka ja shi gaba ɗaya.

Gyaran shi ne kada ka auna yanka daga yankan da ya gabace shi. Kullum ka auna daga bugun farko. A kiɗa mai 100, bugun zai faɗi a firam 0, 14, 29, 43, 58, 72. Ka ga wani tsakanin 14 ne, wani 15, amma kuskuren ba ya taɓa wuce rabin firam, kuma duk bugu biyar lissafin yana komawa daidai. In aikin yana kan firam 25 sai ka sa 1500 a madadin 1440, in 30 ne 1800. Idan kuma mutane ne suka kaɗa da hannu, ba na'ura ba, saurinsu yakan ɗan hau ya ɗan sauka, lissafi ba zai riƙe ka ba. Nan sai ka kunna kiɗan kana danna `M` a kowane bugu, a Premiere Pro da DaVinci Resolve duka shi ne maɓallin sa alama, sannan ka faɗaɗa zanen sautin ka ja kowace alama zuwa daidai inda bugun ya tashi, domin yatsa yakan makara ko ya yi gaggawa. Kada ka yi wannan aiki da abin saurare mara waya, yana jinkirta sauti, sai ka gyara abin da lafiyarsa ƙalau.

Bayan alamomi sun zauna, akwai wata 'yar dabara da masu zane suka daɗe da sani: hoto ya ɗan riga sauti da firam ɗaya ko biyu. Kunne yana cafke bugu nan take, ido kuwa sai ya ɗan laluba sabon hoto kafin ya gane abin da yake kallo. Yankan da aka ɗora daidai kan alama yakan zo wa mai kallo kamar ya makara. Ja shi baya da firam ɗaya, in ɗaukar, wato abin da ake nunawa tsakanin yanka da yanka, tana da tarkace da yawa firam biyu. Kada ya wuce haka.

Yanzu ga babbar maganar. Yanka a kowane bugu shi ne ya kashe maka motsin rai. Da zarar mai kallo ya ga yanka uku a jere masu tsawo ɗaya, ya riga ya san lokacin da na huɗu zai zo, daga nan ya daina bin labari ya koma ƙirga. Bugun yana nuna maka wuraren da yanka zai iya sauka, labarin ne ke zaɓar wanda za a ɗauka a cikinsu, kuma mafi yawansu wucewa ake yi.

Mu ɗauki misali mu bi shi. Kiɗa mai 96, firam 15 a bugu, bugu huɗu ke yin zagaye ɗaya, zagaye firam 60 ke nan. Zagaye takwas firam 480, sakan 20. Labarin: iska ta fizge balan-balan daga hannun yarinya, ta bi shi da gudu, ta yi tsalle, bai kamu ba.

Ɗaukar farko ta nesa ce, inda ake ganin fili da yarinyar da balan-balan a hannunta. Ka ba ta zagaye biyu, firam 120. Da yawa za su ce ta yi tsawo, amma ɗaukar nesa tana da abin karantawa da yawa, ido zai nemi wuri, ya nemi mutum, ya nemi abin da yake riƙe. Sai ta biyu, igiya tana suɓucewa daga yatsunta, firam 60. Ta uku, ta ɗaga kai ta fara gudu, firam 60. Zagaye huɗu sun cika. A zagaye na biyar da na shida sai a fara matsewa: ƙafafu suna gudu firam 30, balan-balan yana hawa 30, fuskarta 30, hannu ya miƙe 15, igiya dab da yatsu 15. Waɗannan gajerun suna karantuwa ne saboda duk na kusa ne, abu ɗaya tak a cikin kowace, kuma an riga an san wuri. Ka sa ɗaukar nesa a firam 15, babu abin da za a gani sai walƙiya. Sannan ka kula da inda ido yake tsaye: in hannunta yana sama ta dama a ɗauka ɗaya, igiyar ta bayyana a nan kusa a ta gaba. Tsallaka allo daga wannan gefe zuwa wancan yana cinye firam da dama, a gajeriyar ɗauka babu rarar da za a biya wannan.

Sai zagaye biyu na ƙarshe, firam 120, ɗauka ɗaya ba yanka: ta dira ƙasa, tana tsaye tana kallon sama. Kiɗa yana ci gaba da bugawa har sau takwas, kai kuma ka ƙi taɓawa. Nan ne zuciya ke motsawa, domin saurin da ya gabata ya sa mai kallo yana jiran yanka, rashin zuwansa ya tilasta masa zama da fuskar yarinyar. Da ka ci gaba da yanka firam 15 a nan, da rashin balan-balan ɗin ya wuce kamar ba a yi ba. Sai dai zanen da zai zauna sakan biyar kada ya daskare. Ƙifta ido sau ɗaya ko biyu, kafaɗa ta sauka, riga ta ɗan kaɗa, ko kyamara ta riƙa matsowa a hankali. Hoton da ya tsaya cak na tsawon wannan lokaci, mutane za su ɗauka bidiyon ne ya maƙale.

Akwai wuri guda a misalin da zan karya lissafin da gangan, wato dirarta. Bugu mafi nauyi shi ne na farkon zagaye na bakwai, firam 360. Abin da ya cancanci wannan bugu shi ne ƙafarta ta taɓa ƙasa, ba yankan ba. Don haka sai ka shiga ɗaukar ƙarshe da wuri, misali a firam 353, tana cikin iska, ta faɗo ta dira a 359 ko 360. Ɗaukar igiya ta ragu zuwa firam 8 ke nan, wanda ya yi kaɗan, sai ka rage wa ɗaukar fuska da ta hannu 'yan firam ka ba ta, ta kai kamar 12. Yankan nan ba ya kan bugu, amma babu mai lura, saboda motsi ya ɓoye shi, kuma dirar ta sami ganga. A katun wannan ya fi yanka a kan bugu ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda kai ne ke da ikon sa kowane motsi a firam ɗin da kake so. Abin kiyayewa ɗaya: in kana zane ɗaya ya zauna firam biyu, bugu mai firam 15 zai riƙa faɗawa tsakiyar zane. A wajen dira ka koma zane ɗaya a firam ɗaya na ɗan lokaci, ko ka bar wani zane ya zauna firam uku can baya, domin zanen dirar ya faro daidai.

Game da yadda ake wucewa daga hoto zuwa hoto, yanka kai tsaye shi ne na kullum. Narkewa, wadda ake rubutawa `Cross Dissolve`, tana gaya wa mai kallo cewa lokaci ya shuɗe ko hankali ya tafi wani wuri, don haka ba ta da aiki a tsakiyar gudu, tana shafe kaifin bugu. Gurbinta shi ne inda kiɗa ya ja dogon sauti ko gangar ta yi shiru. Tsawonta ya bi bugu, ɗaya ko biyu, a misalinmu firam 15 ko 30, kuma na fi son ta ƙare a kan bugun farko na sabon zagaye maimakon tsakiyarta ta hau kansa, saboda sabon hoto ya tsaya sarai lokacin da sabon sashen kiɗa ya shigo. Ka tuna tana cin zane: narkewa mai firam 30 tana buƙatar hotuna biyun su hau kan juna na firam 30, kuma duka biyun su kasance suna da motsin da aka zana a wannan tsakanin. In babu, manhaja irin Premiere Pro za ta maimaita firam na ƙarshe, sai ka ga mutum ya daskare yana narkewa. Duhuntawa zuwa baƙi kuwa rufe babi ce, a ɗan gajeren aiki sau ɗaya ta isa.

Duk wannan a yi shi tun kafin zane na gaskiya. Jera ɗanyen zanen labarin a kan kiɗa, kowane hoto da tsawonsa, ka yi ta ragewa da ƙarawa a nan, inda firam 20 ba su da tsada. Bayan an zana an yi kala, ƙara rabin sakan aiki ne sabo. Idan tsayin ya zauna, rubuta adadin firam na kowace ɗauka, ka ƙara firam 4 zuwa 8 a kai da ƙarshe domin gyaran baya, waɗanda za su narke kuma a ƙara musu gwargwadon narkewar.

Kafin ka yarda da shi, fitar da bidiyon ka kalla a wajen manhaja, domin a ciki kwamfuta takan tsallake firam ta yaudare ka. Kalla sau ɗaya ba sauti: in ka gane labarin, kuma ka ji inda ya yi sauri da inda ya numfasa, tsayin ɗaukarka daidai ne. In sai da kiɗa yake da ma'ana, koma kan ɗanyen zanen, ka fara da tsawaita ɗaukar da ke biye da wurin da ya fi sauri.