Yadda ake gaisawa da jami'i a shingen bincike da dare

Tambaya: Ni direba ne mai yawan tafiyar dare. Da na hango shingen 'yan sanda ko na sojoji sai gabana ya faɗi, ko da takarduna sun cika. Yaya zan gaishe su ba tare da na jawo wa kaina zargi ba?

Amsa: Malam, da dare mota ce ke fara gaisuwa kafin baki. Jami'in da ke tsaye a shinge bai san wanda ke ciki ba, kuma hasken fitilarka na kashe masa ido. Don haka tun kana kamar mita 100 daga wurin ka rage gudu, ka sauke babbar fitila, ka kunna ta cikin mota, ka kashe rediyo. In ya nuna maka wurin tsayawa da tocila, nan za ka tsaya, kada ka zarce. Ka sauke gilashi tun kafin ya ƙaraso, hannuwanka biyu a kan sitiyari inda zai gan su.

Gaisuwar kanta gajera ce: "Barka da dare, yallaɓai. Sannu da aiki." Sai ka yi shiru, shi zai ja maganar. Kada ka kira shi da muƙami in ba ka iya karanta alamar kafaɗa ba. Ka ce wa sufeto kofur, ka ɓata masa rai, ka ɗaga ƙarami sama da matsayinsa kuma, ya ɗauka daɗin baki kake yi. "Yallaɓai" ya wadatar, in mace ce "ranki ya daɗe". Ban da miƙa hannu a gaisa, domin mai riƙe da bindiga ba ya son a kama masa hannu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan gaisuwar. A ce ya tambaye ka lasisi, shi kuwa yana cikin aljihun gaban mota. Mai tsoro sai ya yi wuf ya sunkuya, jami'in kuma abin da ya gani kawai shi ne hannu ya ɓace cikin duhu. Ka fara faɗa masa: "Yana cikin aljihun nan, yallaɓai, bari in ɗauko." Ya amsa, sannan ka buɗe a hankali. Haka fitowa daga mota, sai ya ce ka fito.

Soja galibi daga ina, zuwa ina, me ka ɗauko yake tambaya. Ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, don doguwar gaisuwa da dariyar yaƙe su ke sa a ce buɗe but.

Rawar murya kuwa, daga hango shingen ka ja numfashi a hankali sau uku. In duk da haka bakinka ya sarƙe, ka ce "Yi haƙuri, yallaɓai," ka sake faɗar amsar daga farko.