Tashar YouTube ta ɗan Kwari: fara da alkawari kafin suna

Tambaya: "Ina sayar da atamfa, shadda da leshi a Kantin Kwari. Yarona ya matsa mini in buɗe tasha a YouTube don mu samu masu saye daga wasu garuruwa, har ya ce mu sa mata sunan shagonmu da TV a ƙarshe. Ta ina zan fara don kada in yi aikin baban giwa?"

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ajiye maganar suna tukuna, ka ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya tak: wa kake yi wa bidiyo, me zai samu, kuma yaushe. A naka sha'anin, ga irin wadda nake nufi: "Kowace Asabar, sababbin atamfofi da shaddar da suka shigo Kwari, da farashin ranar, da yadda ake gane mai kyau." Matar da ke sarin kaya a Gombe ko Maraɗi tana karanta wannan ta san abin da zai dawo da ita. Kada ka yi alkawarin bidiyo kullum. Ana shiga hada-hadar sallah shago zai cika, ka rasa lokacin ɗauka, mai kallo kuwa in ya zo sau biyu bai tarar da komai ba, ya tafi ke nan. Sau ɗaya a mako da ba ya fashi ya wadatar.

Daga wannan jimlar sunan zai fito. Ban goyi bayan shawarar yaronka ba, domin sunan shago abokan cinikinka na da ne kawai suka san shi, alhali baƙi kake nema, kuma baƙo abin da yake so yake rubutawa a wurin bincike: atamfa, shadda, Kano. Suna irin "Atamfa da Shadda Kano" ya faɗi sana'a, ya faɗi gari. Bayan suna akwai laƙabin da ke farawa da alamar @, wanda ba a yarda tasha biyu su yi tarayya a kansa ba, tsawonsa harafi 3 zuwa 30. Ka duba ko wani ya riga ka, sannan ka zaɓi wanda za ka iya faɗa wa mutum ta waya ya rubuta daidai ba tare da ya ce ka maimaita ba. YouTube na barin a sauya suna sau biyu cikin kwana 14, amma yawan sauyi na ɓatar da mutanenka.

Allon da ke saman tasha nan ne aka fi yin ɓarna. Girman da ake so fiksel 2560 a faɗi, 1440 a tsayi, nauyinsa kada ya wuce 6MB. Sai dai talabijin ce kaɗai ke nuna shi gaba ɗaya. Waya, wadda da ita mutanenka za su kalla, tana yanke sama da ƙasa da gefuna, ta bar wani siririn fili a tsakiya, kimanin 1546 da 423. Mai tsara hoton yakan cika allon da turamen atamfa goma, ya tura rubutu can kusurwa, a kwamfutarsa ya yi kyau, a waya kuwa rabin kalmomin sun ɓace. Ka ce masa suna da alkawarin su zauna a tsakiya da manyan haruffa, bayansu zane ɗaya mai launi marar hayaniya. Idan ka ɗora ta YouTube Studio, wato wurin da mai tasha ke sarrafa tasharsa, a sashen Customization, zai nuna maka inda kowace na'ura ke yankewa. Duk da haka ka buɗe a wayarka ka gani da idonka kafin ka biya kuɗin aiki.

Bayanin tasha yana ɗaukar harafi 1,000, amma layin farko kaɗai ke fitowa kafin a danna a ga saura. Doguwar sallama da tarihin shago su koma ƙasa, alkawarin ya hau sama. Bayansa ka faɗi ko kana sayar da turmi ɗaɗɗaya ko sari kawai, garuruwan da kake aika kaya, da lambar WhatsApp ta shago. Ka ƙara da cewa farashin kowane bidiyo na ranar da aka ɗauka ne, domin wani zai kalli bidiyon bara ya kira yana neman kuɗin bara.

In ka gama, miƙa wa maƙwabcinka na kasuwa wayar, ya duba na ɗan lokaci, ka tambaye shi me tashar ke yi, kuma wace rana. In ya yi inda-inda, da sauran gyara.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: a buɗe tashar da adireshin Gmail naka da lambar wayarka, ba na yaro ba. Ka ba shi izinin ɗora bidiyo ta sashen Permissions, ka kunna 2-Step Verification, wato matakin tsaro na biyu bayan kalmar sirri. Ko ya tashi ya buɗe nasa shagon gobe, tashar da masu kallonta suna hannunka.